Takardar da Na Karanta wa Autanmu

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Funtuwa, kuma ina taɓa fassara idan ta samu. Yawanci abin da ake kawo mini bai wuce sanarwar rigakafi ba, ko bayanin yadda ake zuba takin zamani, ko ɗan tallan maganin ƙwari da za a sa a rediyo. In gama, a sallame ni, in manta. Ban taɓa yin fassarar da ta hana ni jin daɗin tuwo ba sai a shekarar da wani kamfanin gurzar auduga na bayan gari ya kawo mini takardunsa.

Wadda ta kira ni wata Hajiya ce, jami'ar kula da ma'aikatan kamfanin, mace mai magana a gajarce kamar ana jiranta a waje. Ta ce masu sayen audugarsu daga ƙasashen waje sun gindaya sharaɗi: dole kamfani ya kasance yana da ƙa'idojin aiki a rubuce, da kuma hanyar da ma'aikaci zai kai rahoto idan ya ga ana aikata ba daidai ba, kuma dole ma'aikata su ji abin a harshen da suke ji. Akwai na Turanci, ma'aikatan ofis da 'yan kudu masu gyaran inji sun karanta. Amma mafi yawan masu aiki a cikin shagon injinan gurza manoma ne daga ƙauyukan hanyar Dandume da Ɗanja, waɗanda ke zuwa aikin gurza idan an gama kaka. Su ake so su gane. Ta ce zan fassara, wani daban zai mayar da fassarata Turanci don lauyoyinsu su gwada da ta asali, sannan in karanta a ɗauki muryata saboda waɗanda ba sa karatun boko.

Na karɓa da murna, har da cika baki cewa wannan ai aikin yini biyu ne. Na manta, ko kuma ban ɗauka da muhimmanci ba, cewa autanmu yana cikin waɗanda za su saurara.

Autan namu magidanci ne, da mata da 'ya'ya. Gonar da ya gada ba ta kai su shekara, shi ya sa aikin gurza ne ke riƙe gidansa daga kaka zuwa faɗuwar ruwa. Wanda ya sama masa aikin shi ne foman ɗin shagon, wato shugaban leburori, aminin marigayi mahaifinmu, mutumin ƙauyenmu, wanda dukanmu muke kira Baba. Haka ake ɗaukar 'yan aikin kaka a wurin: kowane foman yana da mutanensa, idan lokaci ya yi sai ya aika musu su zo. Wanda ba a aika wa ba, ya san matsayinsa.

Ɓangaren ƙa'idojin aiki bai ba ni wuya ba. Kada a karɓi cin hanci, kada a ci zarafin kowa saboda addini ko ƙabila, kada a sha taba kusa da auduga, kada a taɓa kayan kariyar inji. Ɓangaren kai rahoto ne ya zaunar da ni. Takardar ta ce ma'aikaci zai iya faɗa wa shugabansa na kusa. Idan abin ya shafi shugaban, ko hankalinsa bai kwanta ba, zai iya zuwa ofishin Hajiya, ko ya jefa takarda a akwatin koke, ko ya kira wata lambar waya kyauta wadda wani kamfani na daban ke amsawa daga wani gari. A wayar ba dole ne ya faɗi sunansa ba. Za a ba shi lambar shaida da zai riƙa bibiyar maganar da ita. Sannan babban alkawarin: duk wanda ya kai rahoto da kyakkyawar niyya, ko da bincike ya nuna ya yi kuskure, ba za a yi masa bi-ta-da-ƙulli ba.

Mai fassara ba ya ƙari, ba ya ragi. Abin da yake iya yi shi ne tambaya, ni kuwa na dami Hajiya da tambayoyi. Na tambaye ta ko kalmar ma'aikaci ta haɗa da 'yan aikin kaka, domin a wurinmu idan ka ce ma'aikaci, mai albashin wata ake ji. Ta tambayi hedikwata, aka ce ta haɗa, aka ba ni izinin in fayyace haka. Na tambaya ko ƙin sake ɗaukar mutum a kaka mai zuwa yana cikin bi-ta-da-ƙulli. Ta nuna mini wurin da aka rubuta ƙin sabunta aiki, ta ce shi ne. Na kira lambar da kaina don in ji abin da baƙauye zai ji, sai wata murya ta na'ura ta hau ni da Turanci tana cewa in danna kaza in danna kaza. Na ce wa Hajiya wallahi mutanenmu a nan za su kashe wayar. Ta yi tsaki, ba da ni ba, ta rubuta. Bayan ɗan lokaci na sake kira, wata mata ta amsa da sallama da Hausa tsantsa.

Ina da al'ada idan na gama daftari: sai na karanta wa wani irin wanda aka yi rubutun dominsa, in ga inda zai yamutsa fuska. Ranar wata Juma'a autanmu ya biyo gidana bayan masallaci, na ce ga banza ta samu. Na zaunar da shi a zaure, na sa aka kawo masa fura, na yi ta karanta masa. Yana sha yana gyaɗa kai, har yana yi mini tsiya wai Hausata ta 'yan rediyo ce. Da na zo kan alkawarin nan sai na ga ya ajiye ludayi. Ya ce in maimaita. Na maimaita.

“Yaya, wannan maganar gaskiya ce, ko dai don Turawa aka rubuta?”

Na ce masa abin da takarda ta faɗa ke nan, kamfani kuma ya sa hannu. Ya ce ba takarda ya tambaya ba, ni ya tambaya. Gaskiya ban san amsar ba. Ni dai na san kowace kalma tana daidai da ta Turanci. Ko mutanen da suka rubuta za su cika, wannan ba ya cikin abin da aka ba ni in fassara.

Sai ya ba ni labari. Injin gurzar da yake aiki a kai yana da zartuna a jere a ciki, masu juyawa da gudu suna raba auduga da angurya. Akwai murfi a kansu, kuma an yi shi ne yadda da zarar an ɗaga murfin inji zai mutu da kansa. To idan auduga ta cushe, ƙa'ida ita ce a kashe inji, a jira zartuna su tsaya cak, a share, a sake tayarwa. Wannan yana cin lokaci, ga manyan motoci a layi suna jiran diloli. Shi ne Baba ya sa aka ɗaure ɗan maɓallin da ke kashe injin da wayar ƙarfe, yadda za a ɗaga murfi inji yana ta aiki, a sa sanda a zungure cushewar. Wani lokacin sandar ba ta isa, mutum ya kai hannu. Ya ce kwanan baya zarto ya fizge hannun rigar wani abokin aikinsa, Allah ne kawai ya sa rigar tsohuwa ce ta yage.

Na ji tsoro iri biyu a lokaci guda, kuma suna jan juna. Idan ya yi shiru, wata rana hannunsa ne. Idan ya yi magana, aikinsa ne. Na zaɓi abin da nake ganin ya fi sauƙi, na ce da zarar an ƙaddamar da tsarin ya kira lambar nan, kada ya faɗi suna, kada ya yi daga cikin kamfani, ya faɗi injin da abin da aka yi masa, ya riƙe lambar shaidarsa. Mutane da yawa ne ke aiki a shagon, babu wanda zai san ko wane ne. Ya ce to. Na san autanmu tun yana rarrafe, ya kamata in gane wannan “to” ɗin ba ta cika ba.

Ranar ƙaddamarwa an gayyace ni. An tara ma'aikata a filin da ake sauke buhunan auduga, an liƙa fassarata a bangon masallacin kamfani da bakin ƙofa, an mayar da akwatin koke bayan wurin alwala inda mutum zai iya jefa takarda ba a kan idon ofis ba. Aka kunna muryata a lasifika. Wani abu ne mai nauyi ka ji kanka kana yi wa ɗaruruwan magidanta alkawarin da ba naka ba. Mutane suna waiwayowa suna kallona, wasu sun san ni, na koyar da 'ya'yansu. Baba ya zo muka gaisa, na rusuna, ya kama hannuna yana cewa ɗan amininsa ya zama babban mutum. Na amsa da dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ba a yi mako biyu ba na ga autanmu ya shigo gidana da yamma, wuyansa duk ya saɓule. Na tambaye shi lafiya. Ya ce an ɗauke shi daga kan inji an mayar da shi fili, dakon buhuna daga mota zuwa sito. Na ce a kan me. Ya yi ta kewaye-kewaye, sai da na daka masa tsawa sannan ya faɗa.

Ashe kafin ya kira lambar, sai da ya je ya sami Baba. Bayan sallar azahar ya jira mutane suka watse, ya durƙusa gabansa, ya gaishe shi, ya ce ya zo ne ya roƙe shi a cire wayar nan. Ya ce idan ba a cire ba shi zai kai rahoto, kuma ya ga bai dace Baba ya ji a bakin wani ba. Baba ya tambaye shi wa ya kawo shi kamfanin. Autanmu ya ce ai Baba ne. Baba ya ce to ya tashi ya koma bakin aikinsa. Autanmu ya ba shi kwanaki, waya tana nan. Sannan ya kira lambar, ya bi duk abin da na gaya masa tiryan-tiryan, bai faɗi suna ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa wane irin ɓoye suna ne wannan, bayan ka kai kanka da ƙafarka? Na ce duk wahalar da aka sha aka nemo kamfani a wani gari, aka sa mai jin Hausa, aka yi lambar shaida, duk don kada a san ka ne, kai kuma ka je ka durƙusa ka gabatar da kanka. Na faɗi maganganu da dama, har matata ta leƙo ta koma. Ya bar ni na gama.

“Yaya, mutumin da ya wanke gawar Babanmu ne. In ci namansa a bayan idonsa?”

Na ce ai kai ma ka yi karatu, malamai sun faɗa, kai maganar cuta wurin wanda zai iya kawar da ita ba giba ba ce. Ya ce ya sani. Ya ce sanin bai hana shi jin cewa idan ya yi a ɓoye, ba zai sake iya gaishe da Baba ya ɗago kai ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, babu ƙarya. A ƙauyenmu ko shanun mutum ne suka yi maka ɓarna, sai ka fara zuwa wurinsa kafin ka je wurin mai unguwa, in ba haka ba kai za a ba rashin gaskiya. Na san da ni ne a wurinsa, ba ni da tabbacin ba zan yi abin da ya yi ba.

Na koma na buɗe takardun, na Turanci da nawa, na bi su layi-layi. Babu kuskure. Amma babu inda aka ce ba sai ka sanar da wanda za ka kai rahotonsa ba. Waɗanda suka rubuta ba su taɓa zaton akwai mutumin da zai yi haka ba, shi ya sa ba su ga abin faɗa ba. A wurinmu kuwa duk mai kunya abin da zai fara yi ke nan.

Washegari na tafi wurin Hajiya. Ina fara ambaton ƙanena ta ɗaga hannu. Ta ce ba za ta tattauna wani rahoto da ni ba, ba za ta ma ce akwai ko babu ba, kuma idan wani yana ganin an yi masa bi-ta-da-ƙulli shi ne zai kawo da kansa, ko nan ko ta waya. A lokacin na ji haushinta, na ga kamar wulaƙanci ne. Sai da na fito na tuna ni na fassara sakin layin da ya hana ta. Na koma ciki na ce to na zo a matsayin mai fassara. Na bayyana mata al'adar ba tare da ambaton kowa ba, na ce takardar tana bukatar jimla guda da za ta gaya wa mutum ƙarara cewa ba a bukatar ya fara sanar da wanda abin ya shafa, kuma yin hakan ba cin amana ba ne a wurin kamfani, tsari ne na kare shi. Ta gyaɗa kai. Ita ma 'yar Malumfashi ce, ba ta bukatar dogon bayani. Ta ce ba ni da ikon ƙarawa, ita ma ba ta da shi, amma za ta aika hedikwata. Aka yi makonni, aka ƙara jimlar a ta Turanci, aka turo mini na fassara, na sake karantawa aka ɗauka. Ga autanmu dai an makara.

A tsakanin nan wasu mutane suka zo daga hedikwata ba sanarwa, suka duba injinan duka, ba nasa kaɗai ba. An cire wayar, an kafa dokar cewa ba mai ɗaga murfi sai an kashe inji an kulle makunninsa. Aka ce an ja wa Baba kunne a rubuce, amma wannan a bakin mutane na ji. Yana nan a kan muƙaminsa. Autanmu kuma yana fili yana dako. Na yi na yi da shi ya kira ya faɗi cewa an canza masa wuri, ya ƙi. Ya ce gyaran inji ya nema kuma an gyara, ba zai kai ƙarar Baba karo na biyu a kan cikinsa ba. Ya ce kaka ta kusa ƙarewa, zuciyar Baba za ta huce kafin wata kakar.

Daminar nan ban ji daɗinta ba. Ina zuwa ƙauye ƙarshen mako muna noma tare, masara da waken suya, ina kallon yadda ya rame. Idan muka haɗu da Baba a masallaci yana amsa gaisuwa, amma a taƙaice, ba ya tambayar iyali. Mutanen gari sun sani, domin babu abin da ke ɓoyuwa a ƙauye. Wasu suna cewa yaron ya yi daidai, wasu suna cewa butulci ne, wasu kuma suna cewa ai yayansa ne ya zuga shi da takardar Turawa. Na ƙarshen nan ya fi damuna, saboda akwai gaskiya a ciki. Duk lokacin da na ga matarsa tana auna hatsi da hankali, sai in ji kamar ni na rage mata.

Auduga ta fashe, aka tsinke, motoci suka fara shiga kamfani. Aka aika wa maƙwabcinsa. Aka aika wa wanda zarto ya yage wa riga. Shi shiru. Ya ce ƙila mantuwa ce. Ranar da za a fara aiki ya ce zai je bakin ƙofa ya tsaya, ko Baba zai gan shi ya tuna. Na nemi izini a makaranta na ɗauke shi a babur, na tsaya a tsallaken titi wurin mai shayi.

Ina ganin komai daga nan. Baba ya fito yana nuna mutanensa suna shiga. Ya zo daidai autanmu, autanmu ya rusuna. Baba ya amsa, har ya ɗan tsaya, na ce alhamdu lillahi a raina. Sai ya wuce ya nuna na kusa da shi. Aka gama, aka turo ƙofa. Autanmu ya tsaya a wurin da ƙullin abincinsa a hannu, kamar wanda mota ta bari a tasha.

Wani dattijo daga cikin waɗanda aka ɗauka a aikin yamma yana zaune kusa da ni a benci. Ya gane ni. Bai ɗaga murya ba, ya ce Malam, dama mu muna kallo ne mu ga abin da za a yi da ƙanenka, yanzu mun gani. Ya biya shayinsa ya tashi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da autanmu ya tsallako ban yi masa faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Na gaya masa abin da dattijon ya ce. Na ce masa wannan abin da aka yi masa yana da suna a cikin takardar, na tambaya tun farko an tabbatar mini, kuma ban sani ba ko za su cika, amma idan bai kira ba babu wanda zai sake kira a kamfanin nan, ko da inji na cin mutane. Ya ce wannan karon sai ya faɗi suna ke nan. Na ce dole, ba za a iya mayar da wanda ba a san ko wane ne ba. Ya tambaye ni ko ya fara zuwa ya gaya wa Baba. Na dube shi. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, ya ji jimlar da aka ƙara.

Muka koma gefen wata bishiyar darbejiya nesa da mutane, ya kira. Matar nan mai amsa waya da Hausa ta ɗauka. Ya ba ta lambar shaidarsa ta farko, wadda ashe ya haddace. Ina ji ya faɗi sunansa da na ƙauyenmu. Ta tambaye shi yaushe aka canza masa wuri, ko an faɗa masa dalili, kaka nawa ya yi a kamfanin, su wa aka ɗauka a madadinsa. Ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ta ce za a miƙa ga kwamitin da ke bincike, wanda foman ba ya ciki, ya riƙa kira yana jin inda aka kwana.

Jiran nan ya fi komai wuya. Kaka tana tafiya, kowace rana da ta wuce ta wuce da abincin gidansa. Ya fara bin motocin hatsi a kasuwa yana dako. Ni kuma ina aji ina koyar da yara, hankalina yana kan waya. Na rasa yadda zan yi da kaina. Sau da yawa na hau babur da niyyar zuwa wurin Hajiya, in tuna hannun da ta ɗaga mini, in juya. Na fara tunanin idan abin bai yi ba zan je in ce su cire muryata, su nemi wani ya karanta musu. Matata ta ce wannan ba zai sa tukunya a gidan auta ba, kuma gaskiya ta faɗa.

An kira shi ofis, an yi masa tambayoyi, an kira wasu ma. Sannan shiru ya sake biyowa, har na fid da rai. Wata safiya ina shirin fita sai ga shi a ƙofar gida da kayan aiki a jikinsa. Ya ce Hajiya ta kira shi jiya da kanta. An mayar da shi kan injinsa, a ƙarƙashin wani foman, kuma daga bana ofis ne zai riƙa kiran 'yan kaka, ba foman ba. An ɗauke Baba daga shago an mayar da shi kula da sito. Na ce alhamdu lillahi, na sake cewa, na zauna a kan dakali.

Shi bai yi murna yadda na zata ba. Ya ce jiya da yamma ya je gaishe da Baba a gida, aka ce masa ba ya nan, alhali yana jin tarinsa daga ciki. Ya ce zai ci gaba da zuwa. Na ce in kai shi kamfani a babur, ya ce a'a, zai hau Keke mai ƙafa uku, kada in makara. Ya yi 'yan taku sannan ya juyo.

“Yaya, don Allah, nan gaba idan aka kawo maka irin wannan takardar, ka nemi wani ka karanta masa.”

Na so in yi dariya, na ga shi ba wasa yake yi ba. Na ce to. Ya gyara ƙullin abincinsa ya nufi bakin titi.